Roƙon gyaran ranar ganawa ta bizar asibiti, lamba MV-ABJ-25-071846 da MV-ABJ-25-071847

Zuwa ga Shugaban Sashen Biza,
Ofishin Jakadanci, Abuja.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, 2025

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ya aiki. Sunana Sanusi Garba Ibrahim, ina zaune a Unguwar Rogo cikin Jos, sana'ata sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada. Na rubuto da Hausa ne saboda ma'aikacin da na samu a taga ta biyu ranar Talata ya ce min akwai masu jin Hausa a sashenku kuma suna karanta imel, ni kuma gaskiya na fi iya fayyace abin da ke raina da ita, ina tsoron in ba wani ya rubuta min a sake samun kuskure irin wanda nake zaton shi ya jawo wannan matsalar.

Ga bayanan mu biyun don a samu sauƙin dubawa:

Mara lafiya: Hauwa'u Garba, mahaifiyata, shekara 64. Lambar takarda MV-ABJ-25-071846, fasfo mai ƙarewa da 4417.
Mai jinya: Sanusi Garba Ibrahim. Lambar takarda MV-ABJ-25-071847, fasfo mai ƙarewa da 9052.
Lambar rasit ɗin biyan kuɗi: RC-5530918, an biya ranar Talata 21 ga Oktoba, 2025, na mutum biyu a haɗe.
Ranar ganawa a silif ɗin da muka cire: Talata 11 ga Nuwamba, 2025, ƙarfe 9:30 na safe, mu biyu.
Ranar da asibitin can ya ba ta na kwanciya: Litinin 8 ga Disamba, 2025.

Abin da ya faru shi ne, mun cike fom ranar 21 ga Oktoba a wani kafe nan Jos, muka biya kuɗi a ranar, shafinku ya ba mu 11 ga Nuwamba mu duka, aka yi mana firintin silif guda biyu, suna hannuna yanzu haka kuma na haɗo hotonsu da wannan saƙon. Daga ranar har zuwa ranar tafiya babu wani saƙo da ya shigo min, ba ta imel ba ta waya, na duba har wajen da saƙonnin banza suke taruwa babu komai. Don haka muka shirya.

Mahaifiyata ciwon zuciya ne da ita, likitocinta a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo sun ce bawul ɗaya ne ya lalace sai an yi aiki, su ne ma suka rubuta mana takardar turawa ranar 14 ga Oktoba. Ba ta iya doguwar tafiya a matse, ƙafafunta kumbura suke yi, in ta kwanta sai an tara mata filo uku kafin numfashi ya daidaita. Shi ya sa ba mu shiga motar tasha ba, shata na ɗauka naira 120,000 zuwa da dawowa, muka bar Jos ranar Litinin bayan sallar asuba cikin sanyin nan na hunturu, na lulluɓe ta da bargo biyu a kujerar baya. Wanda ya san hanyar ya san Hawan Kibo, wajen saukowa ta riƙe hannuna gam tana ta salati, sai da muka tsaya a Akwanga ta huta kusan awa ɗaya ta sha magani sannan muka ci gaba, ga cunkoson Mararaba da Nyanya, tafiyar da aka saba yi awa huɗu zuwa biyar sai da ta cinye mana kusan takwas. Muka kwana gidan ƙanwarta a Karu.

Ranar Talata ƙarfe 8 saura muna bakin get ɗinku. Da aka fara kiran suna mai gadi ya duba takardar da ke hannunsa ya ce sunana yana ciki amma na Hajiya babu. Na nuna masa silif ɗinta, ya karɓa ya shiga ciki ya dawo ya ce a na'ura an ɗage nata. Ba na ƙorafi a kansa ko kaɗan, mutumin kirki ne, da ya ga yanayinta shi da kansa ya ɗauko kujerarsa ya sa mata a inuwa. Ni na shiga ciki, a taga ta biyu aka buɗe min shafinta na gani da idona an rubuta RESCHEDULED, a ƙasa kuma 20 ga Janairu, 2026. Na tambayi dalili, ma'aikacin ya ce shi daga inda yake ba ya ganin dalili kuma ba shi da ikon canjawa, sai dai in rubuto wa wannan adireshin. Ya ce in ina so a ɗauki hoton yatsuna a karɓi takarduna tunda ni ranata tana nan. Na ce masa to ni mai jinya ne, wa zan je yi wa jinya in mara lafiyar tana Jos? Ban bayar ba, don kuma takardun namu a haɗe suke, bayanin asusun banki ɗaya ne, wasiƙar asibiti ɗaya ce da sunayenmu biyu a ciki, na ji tsoron in an raba su nata ya zo babu madogara. Yanzu da na duba jiya da daddare nawa shafin ya koma NO SHOW, alhali na zo, sunana yana cikin littafin masu shiga na ranar, na sa hannu ƙarfe 9:12, ana iya dubawa.

Da na fito na tarar da ita zaune da ambulan ɗin takardunta a cinya ta rungume, ta ce Sanusi an kira ni? Wallahi ranka ya daɗe ban san me zan ce mata ba, cewa na yi an ce mu dawo wani lokaci. Har yau ban faɗa mata watan Janairu aka sa ba.

Bayan mun dawo gida na zauna na jera takardun ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da na lura da shi wanda wataƙila shi ne sanadi, ku ne za ku tabbatar. A fasfonta an rubuta sunan HAUWAU, babu 'yar alamar nan da ake sawa a sama tsakanin a da u, haka yake a layukan nan biyu na ƙasan shafi da na'ura take karantawa, su dama ba a sa irin wannan alamar a cikinsu. Yaron kafe kuma ya buga HAUWA'U kamar yadda muke rubutawa a gida, haka ma yake a wasiƙar likita. In wannan ne ya sa na'ura ta ga kamar sunan bai dace ba ta tura ta baya, to na karɓi laifin, ni ya kamata in duba kafin a tura. Amma mutum ɗaya ce, ranar haihuwa ɗaya, lambar fasfo ɗaya, lambar NIN ɗinta ma na haɗo hoton katin. In ana buƙatar takardar rantsuwa ta kotu kan sunan zan yi ta a babbar kotun jiha nan Jos a kwana ɗaya in turo. Abin da ya fi damuna dai rashin sanarwa ne, da an turo min ko layi ɗaya ne da ban ɗauko tsohuwa mai ciwon zuciya na bi da ita wannan hanyar ba.

Ranar 20 ga Janairu ba za ta yi mana ba, ba don gaggawar son rai ba. Asibiti ya ba ta 8 ga Disamba, mun riga mun tura musu kafin alƙalami, kuɗin filin da babanmu ya bar mana a Rikkos ne muka sayar, kuma sun rubuto cewa in ranar ta wuce sai an sake sa ta a layi. Likitanta na nan ya ce jinkiri ba alheri ba ne a irin wannan ciwon, na roƙe shi ya sake rubuta wasiƙa jiya Laraba ya rubuta, tana cikin abin da na haɗo. Sannan akwai maganar fasfo, nata zai ƙare 30 ga Yuli, 2026, a sharuɗɗanku kuma dole ya zama saura aƙalla wata shida a ranar shiga ƙasa, to in an gan ta 20 ga Janairu kafin biza ta fito a sayi tikiti an shiga Fabrairu, wata shidan ya karye kenan, sai mun koma ofishin shige da fice sabunta fasfo, lamba ta canja, fom ya tashi daga aiki, a sake komai daga farko. Bayanin asusun banki da muka ciro a Oktoba shi ma ya wuce wata ukun da kuka ƙayyade kafin lokacin.

Don haka roƙona, dan Allah a duba a ba mu rana ɗaya mu biyu, kowace rana ce kuma kowane lokaci daga nan zuwa Juma'a 21 ga Nuwamba, don a samu sararin fitowar biza kafin tafiya. A sanar da ni ko da kwana biyu ne kafin ranar saboda in kawo ta ta kwana a Karu ta huta. A kuma cire min NO SHOW ɗin nan daga shafina, ina tsoron kar ya zama tabo ko a ce sai na sake biyan kuɗi. In kuwa gurbi ɗaya kawai ake da shi to a ba ta, ita ce mai lalura, ni zan jira nawa, zan kawo ta in tsaya a waje. In akwai hali kuma a bari in shiga da ita da keken marasa lafiya don ba ta iya tsayuwar layi.

Abubuwan da na haɗo: silif biyu na ranar 11 ga Nuwamba, rasit, shafin bayanai na fasfo biyu, katin NIN ɗinta, katin allurar shawara na mu biyu, wasiƙun likita na 14 ga Oktoba da 12 ga Nuwamba, wasiƙar gayyata daga asibitin can, da hoton shafinta da nawa kamar yadda suke nunawa yanzu. In wani bai buɗe ba a gaya min in sake turowa, netwok ɗin unguwarmu yana yawan yankewa.

Lambar wayata ita ce wadda ke kan fom ɗin, ba ta canja ba, a kunne take dare da rana, wannan imel ɗin ma ina duba shi safe da yamma. In kuna son in zo da kaina da asalin takardun kafin a sa ranar, zan taho Abuja washegari in Allah ya yarda.

Na gode ƙwarai da lokacin da aka ba ni, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Naku,
Sanusi Garba Ibrahim
Unguwar Rogo, Jos ta Arewa, Jihar Filato
MV-ABJ-25-071847, a madadin mahaifiyata Hauwa'u Garba, MV-ABJ-25-071846