Lakcar jiya da kika rasa: John Snow da kwalarar Landan

Salam ƙawata, ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi. Na bi rubutun da aka fitar daga rikodin ɗin lakcar, awa guda cur, ga abin da ke ciki.

Maganar Dakta gaba ɗaya ita ce ana iya gano hanyar da cuta ke bi tun kafin a ga ƙwayar da ke jawo ta. Lokacin John Snow, wani likita a Landan, yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo kwalara, shi kuma ya ce a'a ruwan sha ne.

Misali na farko ɓarkewar 1854 a unguwar Soho, inda mutum sama da 600 suka mutu, Snow ya bi gida gida yana tambaya har ya ga mace-macen sun taru ne kewaye da famfon Broad Street. Amma Dakta ya fi daɗewa kan waɗanda suka saɓa wa tsarin. Ma'aikatan wani kamfanin giya a titin basu mutu ba don basa shan ruwan famfon, haka gidan gajiyayyu da ke kusa mai rijiyarsa, mutum 5 kawai ya rasa cikin 535. Sai wata bazawara can Hampstead nesa da wurin, da ake kai mata ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa, ita kam ta mutu. In iska ce ta ya za ta tsallake na kusa ta je ta kama na nesa? Wannan wajen ni ya fi burge ni wallahi.

Ki kula da nan, an cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba amma annobar ta riga ta fara lafawa, mutane da yawa sun gudu, don haka kar ki rubuta wai cire hannun ne hujja, Dakta ya maimaita wannan sosai.

Hujja mai ƙarfi ita ce ta kamfanonin ruwa biyu a kudancin Landan. Lambeth ya maida wurin ɗiban ruwansa can saman Kogin Thames kafin ya shigo birnin a 1852, Southwark and Vauxhall kuma ya ci gaba da ɗiba daga kogin a cikin birnin inda kazanta ke zuba, kuma a titi ɗaya sai ki ga wannan gida na wannan kamfani maƙwabcinsa na wancan, iskar ɗaya ruwan ne daban. Mutuwa 315 cikin kowane gidaje 10,000 a ɓangaren Southwark, 37 a na Lambeth.

Ƙarshe ya ɗan taɓa Robert Koch, likitan Jamus da ya ware ƙwayar kwalara a 1884, bayan rasuwar Snow a 1858. Asaimen: shafi biyu kan dalilin da ya sa kwatancen kamfanonin ya fi taswirar mace-macen da Snow ya zana kewaye da famfon ƙarfi, a miƙa ran Litinin.