Takarda ga iyayen yara kan darasin iyo da za mu fara

Assalamu alaikum wa rahmatullah iyayenmu,

Da fatan kowa yana lafiya, ya gida ya iyali ya kuma fama da zafin nan da ya fara shigowa, Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Kamar yadda muka tattauna a taron iyaye da malamai da ya wuce, in sha Allahu za mu fara koya wa yara iyo daga mako na uku na wannan zangon, 'yan aji 3 zuwa aji 6 na firamare. Tun ranar da muka faɗi maganar nan wayata ba ta huta ba, wasu na murna wasu kuma hankalinsu ya tashi, wata uwa ma har ofis ta zo ta same ni ta ce Hajiya ni fa ɗana ko bakin rijiya ba na bari ya je, yanzu kuma ku ce za ku sa shi cikin ruwa? Na fahimce ta sarai, ni ma uwa ce. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto muku komai dalla-dalla, don Allah a daure a karanta har ƙarshe ko da ta yi tsawo.

Dalilinmu dai ba ɓoyayye ba ne. Mu nan Kano kowa ya san yadda kududdufai suke cika da damina, kuma yara ba sa tambayar kowa kafin su faɗa, ga masu zuwa hutu ƙauye wajen kakanni inda akwai rafi ko dam. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a 2021 ba, wanda galibin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, Allah ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa yake ci a duk shekara a faɗin duniya kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. To mu ba gasar ninƙaya muke shirya yaranku ba. Abin da muke so shi ne yaro in ya tsinci kansa a ruwa kar ya ruɗe, ya iya kwanciya rigingine ya yi lamo a saman ruwa, ya iya riƙe numfashi, ya lallaɓa ya kai gaɓa. In an samu wannan mun ci riba.

Ga yadda tsarin yake. Maza ranar Talata, mata ranar Alhamis, daga ƙarfe 10:00 zuwa 12:00, kowane rukuni minti 40 a cikin ruwa. Mun kama hayar wurin wanka mai katanga, a lokacinmu ba a barin kowa ya shiga sai mu, motar makaranta ce za ta kai su ta dawo da su kafin azahar. Ranar mata, masu koyarwa mata ne, mai gadin ruwa mace ce, malaman rakiya mata ne, direba ma a waje zai jira. Na san wannan ce tambayar da ta fi damun iyaye da yawa shi ya sa na faɗe ta tun da wuri. Kowace mai koyarwa yara takwas ne a hannunta ba ƙari, sannan akwai mutum ɗaya da ba ya koyarwa sam, aikinsa kawai ya tsaya a bakin ruwa ya zuba ido. Ana ƙirga yara kafin su shiga mota, a ƙirga a bakin ruwa, a sake ƙirgawa in sun fito. Ɓangaren da za mu yi amfani da shi zurfinsa mita 0.9 ne, yawancinsu ruwan iya ƙirji zai tsaya musu, ɓangare mai zurfi kuwa an ɗaure igiya an raba, babu mai tsallakawa ko da ya ce ya iya.

Sai maganar kaya, a nan nake so iyaye mata ku ba ni hankalinku sosai. Maza su zo da wandon iyo da ya rufe cibiya zuwa gwiwa, mai igiya a ƙugu ba mai roba kaɗai ba don ruwa yana saɓule shi, da riga mai kama jiki in yaro yana so. Mata kuma doguwar riga mai dogon hannu da dogon wando na yadin iyo, irin yadin nan mai santsi da ba ya shan ruwa, da hular roba ko ɗan ƙaramin hijabin iyo da yake manne da kai. Don Allah kar a ba yarinya hijabin makaranta ko na Islamiyya ta ce da shi za ta shiga, ba za mu bari ba. Ba wai mun raina sutura ba ne, a'a, babban hijabi in ya jiƙe yana nauyi yana naɗe hannu kuma yana iya manne wa yarinya a fuska ya toshe hanci da baki. Haka atamfa, shadda, jallabiya, wandon jins, da rigar auduga mai faɗi, duk ba sa shiga ruwa. Wanda bai san irin da ake nufi ba ya leƙo ofis mun rataye samfuri, ana samunsu a Kantin Kwari da Sabon Gari, kuma ba sai mai tsada ba, na gwanjo ma in an wanke tas ya isa. In da hali a zaɓi launi mai haske kamar ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, shuɗi yana sajewa da ruwa ba a saurin hango yaro.

A jaka a sa tawul, silifas na roba, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, gorar ruwan sha da ɗan abin taɓawa don iyo yana sa yunwa ba kaɗan ba. A rubuta sunan yaro a jikin komai, mun san halinsu, tawul goma iri ɗaya kowa ya ce nasa ne. Ɗan kunne, sarƙa, awarwaro, zobe, agogo duk a bar su a gida. Kitso a yi wanda zai shiga hula, ban da mai duwatsu. Ranar iyo kar a shafa musu basilin ko man kaɗanya da safe, yana ɓata ruwan kuma yana sa jiki santsi ta yadda in mai koyarwa ta kai hannu ta riƙe yaro sai ya suɓuce mata, a sa man a jaka su shafa bayan sun ɗauraye jiki. A yanke farce.

Kuma kar a sayo musu robar nan da ake hurawa ta hannu ko zagayayyar nan ta wasa, kayan wasa ne ba na ceto ba, suna sacewa kuma suna sa yaro ya ɗauka ya iya alhali bai iya ba. Abin da ake buƙata na koyo muna da shi.

Maganar lafiya kuma wallahi ita ce ta fi hana ni barci. Akwai fom haɗe da wannan takarda, ina roƙonku da girman Allah a cika shi da gaskiya. In yaro yana da farfaɗiya, ko ya taɓa suma ko sau ɗaya ne, ko asma, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko kunnensa yana zubar ruwa, a rubuta. Na san akwai abubuwan da ba a son faɗa a waje musamman farfaɗiya, to ni da nas ɗin makaranta da mai koyarwar yaron kaɗai za mu gani. Ba korarsa za mu yi ba, takardar likita za mu nema sannan mu ware masa mai kula da shi shi kaɗai. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa a ajiye a bakin ruwa. Mai sikila kuwa sanyin ruwa yana iya tayar masa da ciwo, don haka sai likitansa ya amince, kuma za mu rage masa lokaci mu tsane shi da wuri.

Yaron da yake gudawa kar ya zo iyo, kuma ko ta tsaya a bari sai an yi sati biyu, saboda akwai ƙwayoyin cutar da sinadarin kulorin ba ya kashe su nan take, yaro ɗaya sai ya raba wa aji guda. Haka mai zazzaɓi, mai ciwon ido, mai makero ko ƙazuwa ko buɗaɗɗen miki. 'Yan matanmu na aji 5 da 6 da suka fara al'ada, ta raɗa wa malamarta kawai ta zauna a inuwa, ba wanda zai tambaye ta dalili a gaban ƙawaye.

Dokokin bakin ruwa za mu karanta musu kullum amma ku ma ku nanata musu a gida. Ba mai shiga sai an busa usur. Ba gudu, tayil ɗin wurin in ya jiƙe kamar an zuba karkashi. Ba turi, ba danna kan wani cikin ruwa da sunan wasa, ba alkafura ko faɗawa ta ka don ruwan ba zurfi kai zai bugi ƙasa. Ba gasar wa ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, wannan wasan yana sumar da yaro ba tare da ya ankara ba. Ba ihun ƙarya na wayyo ruwa zai cinye ni. Kowa ya zaga banɗaki ya watsa ruwa kafin ya shiga. Usur mai tsawo yana nufin kowa ya fito yanzu yanzu. Wanda ya tura wani ko ya danne shi ranar ya gama, in ya sake sai mun ga mahaifinsa, a wannan kam ba na karɓar ban haƙuri.

In hadari ya taso aka ji tsawa za mu fitar da su, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba, in lokaci ya ƙure mu dawo makaranta.

Waya da ɗaukar hoto an hana, har malamai. Iyaye za su iya zuwa kallo a makon ƙarshe, uwaye ranar mata, ubanni ranar maza, su ma wayar a jaka.

Abu ɗaya da nake tsoro shi ne yaro ya yi darasi huɗu ya ga ya zama gwani ya ja ƙannensa su tafi kududdufi. Ku ja musu kunne sosai. Ruwan kududdufi ba a ganin ƙasansa, ga laka ga ramuka ga kwalabe, ga tsargiya mai sa fitsarin jini. Kuma yaron da ruwa yake ci yawanci ba ya ihu ba ya ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru yake nutsewa, don haka ko a gida a rufe rijiya da duro da bahon wanki saboda ƙanana. Za mu koya musu cewa in wani ya faɗa ruwa kar su bi shi, su yi kururuwa su miƙa sanda ko su jefa jarka mai murfi.

Kuɗin zangon gaba ɗaya naira 6,000 ne, mota da hayar wuri da masu koyarwa, ana iya biya kashi biyu, wanda abin ya yi wa nauyi ya same ni mu yi magana tsakaninmu. Ba dole ba ne, yaron da iyayensa ba su amince ba zai zauna a laburare da malami kuma ba zai rasa maki ba. Amma wanda ba mu ga fom ɗinsa da sa hannun uba ko uwa ko mariƙi ba, ko ƙafarsa ba za ta taɓa ruwa ba, kuma ba ma karɓar izini ta waya da safiyar ranar. A dawo da fom wajen malamin aji zuwa ranar Juma'a mai zuwa. Ranar Asabar da ƙarfe 10:00 na safe zan kasance a wurin wankan tare da masu koyarwa, duk mai son ya ga wurin da idonsa ya zo makaranta 9:30 mota za ta ɗauke mu.

Na gode, a gaida mutan gida.

Taku,
Shugabar makaranta