Sako Ga Abokan Cinikinmu Kan Jinkirin Shinkafa da Man Girki

Assalamu alaikum. Muna ba ku hakuri bisa yankewar shinkafa da man girki a shagonmu na Garwa tun makon jiya. Motar da ta dauko kayan daga tashar jirgin kasa ta Ngaoundéré ta lalace a hanya, sai da aka sauya mata wata, kuma jiya da dare aka sauke buhu 200.

Duk wanda ya riga ya biya zai karbi kayansa gobe Laraba a kan tsohon farashi, ko da kasuwa ta hau, kuma kudin dako zuwa shagonsa a kanmu yake. Wanda ya fi son kudinsa, ya zo da rasit, za a mayar masa cif-cif.

Mun san wasunku sun juya masu saye hannu rabbana saboda mu, shi ya sa daga yanzu za mu rika sanar da ku kafin kaya su kare. Muna fatan za ku ci gaba da hulda da mu. Allah ya bar zumunci, ya kawo kasuwa mai albarka.