Sako zuwa ga Shugaban Makaranta kan Gurbin Koyarwa

Assalamu alaikum, ranka ya dade, barka da warhaka, da fatan an wuni lafiya ya aiki ya kuma fama da yara. Sunana Abubakar, a wajen Malam Sani mai koyar da Turanci a makarantarku na samu lambarka, shi ne ma ya ce in tuntube ka kai tsaye. Dama tambaya nake ko akwai gurbin malami a zangon karatun da za a shiga.

Na yi digiri na koyarwa a fannin Lissafi a Jami'ar Bayero Kano, na gama a 2021, na yi bautar kasa a Jigawa, kuma ina da rajistar TRCN. Shekara 2 ke nan ina koyarwa a wata makarantar kudi a Hotoro, Lissafi nake dauka daga aji 1 zuwa aji 3 na karamar sakandare, sai Fizis a aji 1 da 2 na babbar sakandare, bara kuma da malaminsu ya tafi ni na rike 'yan aji 3 muka yi ta bitar tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO har suka zauna jarrabawa. Gaskiya na fi sakewa da manyan azuzuwa amma duk inda aka sa ni zan yi.

Nisa ne ya sa nake neman canji, mun dawo Kabuga da zama, kudin mota na cinye albashin.

In da hali sai in kawo takarduna ofis duk ranar da ka sa, in ana so in yi darasin gwaji ma a shirye nake. In kuma babu yanzu don Allah a tuna da ni. Na gode, Allah ya kara girma.

Abubakar