Ku Bar Ta Ta Kammala Karatunta

(Waƙar da wata malamar firamare ta karanta a taron wayar da kan iyaye, a ƙofar fadar dagaci, ranar Asabar ta ƙarshen hutu.)

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa,
Wanda ya sanar da ɗan Adam da alƙalamin rubutawa,
Ya fitar da bayinsa daga duhu zuwa ga wayewa,
Ina roƙon ya ba harshena ikon isarwa,
Domin zan yi magana a kan 'ya mace da karatunta.

Salati da aminci su tabbata ga Manzon tsira,
Wanda aka fara yi wa wahayi a kogon Hira,
Da umarnin yin karatu aka buɗe farkon sura,
Kuma da ya tashi isar da saƙo ya yi kira,
Kiran ya game kowa da kowa, maza da mata.

Ranka ya daɗe dagaci, na gaishe ka da girmamawa,
Allah gafarta Malam, limaminmu mai shiryarwa,
Iyayena maza da kuka baro gona don saurarawa,
Iyayena mata da kuka sauke tukunya don fitowa,
Ku ba ni hankalinku, 'yarku ce ta zo da buƙata.

Ni malama ce a firamaren garin nan, kun san ni,
Rajistar aji tana hannuna damina da rani,
Abin da ke cikinta shi ne ya daɗe yana damu na ni,
A aji ɗaya 'yan mata sun cika benci, gwanin kyan gani,
Kafin aji shida, wannan an cire ta, waccan an janye ta.

Idan na bi sawu na je gida domin tambaya,
Sai uwa ta ce, “Malama, ta tafi tallan gyaɗa da aya,
Idan ba ta ɗauki faranti ba, da me za mu yi miya?
Da me zan tara kwanuka da gado kafin ta zama amarya?
Kin san abin kunya ne a kai yarinya babu kayan ɗakinta.”

Uwa, ban raina maganarki ba, na san nauyin da ke kanki,
Na san tsadar masara, na san adashin da ke jiran zubinki,
Na san gorin dangin miji idan gara ta gaza daga ɗakinki,
Amma ki zauna ki yi lissafi tsakaninki da Ubangijinki,
Ribar farantin nan nawa ce, da za a biya ta da shekarunta?

Kwano yana tsatsa, katifa tana lotsawa,
Kabet ɗin da aka daɗe ana yi wa tanadi yana karyewa,
Ranar da talauci ya matsa wa gida, har shi ake sayarwa,
Amma abin da yarinya ta koya a aji ba ya salwancewa,
Ko aure ya mutu, ko miji ya rasu, yana nan tare da ita.

Sannan ki duba inda tallan yake kai ta har dare,
Bakin tasha da majalisar samarin da ke zaune a jere,
Akwai mai sayen gyaɗar duka domin ya ja ta zuwa zaure,
Yarinya ƙarama ba ta da wayon da za ta tsere,
Mai tsoron boko zai lalata ta, ya fara jin tsoron tallanta.

Ban hana ta taya ki aiki ba, wannan horo ne,
Shara da wanke-wanke da raino duk koyo ne,
Abin da nake roƙo a wurinki ɗan ƙanƙane ne,
Daga safe zuwa azahar lokacin aji ne,
Ki sake ta ta je, in ta taso sai ta kama aikinta.

Yanzu na juyo gare ku, iyayena masu gida,
Ku da ake jin maganarku a masallaci da fada,
Da yawa kuna cewa ta isa haka in ta gama aji shida,
Wai daɗewar budurwa a makaranta ta saɓa wa al'ada,
Wai komai nisan karatun mace, madafa ce makomarta.

To baba, ina tambayar ka cikin ladabi da kunya,
Daren da naƙuda ta yi tsanani aka rasa dabara ko ɗaya,
Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta har ta nuna gajiya,
Kuka nemi mota da ƙyar kuka kama hanya,
Wa ka fi so ya fito ya karɓi matarka ya duba ta?

Na san amsarka, likita mace kake so ka gani,
Ko nas, ko ungozomar asibiti mai horo da sani,
Har wani yakan juya da matarsa gida babu magani,
Don namiji ya tarar, ya ce ba ya nuna iyalinsa ga wani,
Alhali baiwar Allah tana kwance tana fama da ranta.

Wannan likita mace da kake nema ba daga sama ta faɗo ba,
'Yar wani ce wadda ubanta bai cire ta daga aji ba,
Ya ji surutun mutane a kan 'yarsa, bai kula ba,
Ya sayar da akuya ya biya kuɗin jarrabawa, bai yi da-na-sani ba,
Idan kowa ya cire tasa, 'yar wa za ta riƙe asibitin mata?

Haka kuke son mace ta koyar da 'yan mata a Islamiyya,
Ta bayyana musu hukuncin haila da wanka babu jin kunya,
Kuna son mace ta shigo gida ranar rigakafi, ku yarda da zuciya ɗaya,
Kowaccensu ta yi shekaru tana zuwa aji babu gajiya,
Kafin ta zama wadda yau kuke neman taimakonta.

Ban zo yin jayayya da aure ba, sunna ce mai girma,
Ni ma matar aure ce, ina da 'ya'ya kuma,
Amma wanda ya yanke gero ɗanye ya yi asarar noma,
Haka wanda ya kai yarinya ɗaki tun ba ta gama
Girma ba, ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ku tambayi wanda ya taɓa kai jinya Babbar Ruga a Katsina,
Asibitin da masu yoyon fitsari ke jiran aiki dare da rana,
Doguwar naƙuda ke jawo ciwon, a wuni ana fama a kwana,
Kan jariri ya tokare a ƙugu har ya yi wa mafitsara ɓarna,
Sau da yawa ɗan ya rasu, mijin kuma ya guje ta.

Wadda ta yi karatu ta san ranar awo, ba ta ƙetarewa,
Ta san alamar haɗari, kumburin jiki da jini mai zubowa,
Tana karanta takardar magani, ta san ƙa'idar bayarwa,
Ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana gudawa,
Kuma katin rigakafin 'ya'yanta yana adane a jakarta.

Mai cewa addini ya hana, ya zo mu zauna gaban malamai,
Uwar Muminai A'isha ta karantar da manyan sahabbai,
Hadisi 2,210 aka ruwaito daga gare ta a littattafai,
Dattawa suna zuwa da tambaya, tana warware musu sarai,
Kuma har yau malaman fiƙihu suna kafa hujja da maganarta.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa,
Masu karantar da almajirai, kowa ya bar matansa da 'ya'yansa
Cikin duhun jahilci, suna zaune a bayan zaurensa,
Shi kuwa ya ba mata wuri a majalisin wa'azinsa,
Ya kuma karantar da 'yarsa Nana Asma'u tun daga ƙuruciyarta.

Nana ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa,
Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jaji da malfa a bisa,
Kowace jaji ta tattaro matan ƙauye na kusa da na nesa,
Su ɗauki karatu a waƙe, su koma gida su watsa,
Ta rasu a 1864, har gobe Sakkwato na alfahari da ita.

A 2012 Aloma Mukhtar ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya,
A 2017 Amina Mohammed ta zama mataimakiya
Ga babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya,
Dukansu 'yan Arewa ne, kowacce ta taɓa zama yarinya
Mai rataye da jakar littattafai, wadda aka tsaya wa karatunta.

Hukuma ta yi doka a 2004 kan ilimin bai-ɗaya,
Shekara 9 kyauta kuma dole ga yaro da yarinya,
6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ɗaya bayan ɗaya,
Saboda haka mai cire ta a aji shida ya tsaya a tsakiyar hanya,
Ya kuma tauye mata haƙƙin da doka ta ba ta.

Na san kyautar ba ta cika ba, akwai yunifom da littafi,
Akwai ajin da iska ta yaye, har yau babu rufi,
Akwai rashin ban-ɗaki, wanda ga budurwa ya fi komai zafi,
Wannan gyara na hukuma ne da mu, sai mun haɗa ƙarfi,
Kwamitin makaranta ya je ƙaramar hukuma ya kai kukanta.

Na san tsoron da ke ranku, ba zan ɓoye shi ba,
Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 ba mu manta ba,
Jangebe a 2021 ma ba ta bar zukatanmu ba,
Amma rufe makaranta bai taɓa korar ɓarayin daji ba,
Katanga da mai gadi da rakiya za mu nema, mu tsare ta.

Idan damuwar ita ce nisan hanyar sakandare,
A haɗa 'yan matan unguwa su riƙa tafiya tare,
Dattijo ɗaya ya raka su, yau wannan gobe wancan, a jere,
Masu hali su taimaka da keke ko kuɗin mota, kada a ware
Marainiya da 'yar talaka don babu mai biya mata.

Kai kuma mai neman aurenta, ina roƙon ka yi haƙuri,
In da gaske kake son ta, ba ka asarar komai da jinkiri,
In kuwa za a ɗaura, waliyyi ya kafa sharaɗi tun da wuri,
A gaban shaidu, cewa za ta ci gaba da karatu bisa tsari,
Kai kuma ka ji tsoron Allah ka cika alkawari bayan an kai ta.

Wadda aka riga aka cire tana da damar dawowa,
Ko da goyo a bayanta, ajin yaƙi da jahilci yana karɓawa,
Kada maƙwabta su sa ta a baki har ta kai ga fasawa,
Miji ya ba ta izini, suruka ta riƙe mata ɗa har tasowa,
Ladan abin da ta koya zai kai ga duk wanda ya taimaka mata.

Manzon Allah ya yi albishir ga wanda aka ba 'ya'ya mata,
Ya kyautata musu, cewa za su zame masa kariya daga wuta,
Ciyarwa da tufatarwa suna cikin kyautatawar da ake buƙata,
Haka ma koya mata yadda za ta yi salla, ta karanta, ta rubuta,
Ta san haƙƙin Allah a kanta, ta kuma san nata.

Ku kuma 'yan matan da ke zaune can gefe cikin hijabi,
Ku riƙe karatu da gaske, ku riƙe kunya da ladabi,
Kada a bar ku ku je aji ku dawo da abin aibi,
Halinku ne zai zame wa masu suka jawabi,
Kowacce ta tuna ƙannenta mata na biye da sawunta.

Jibi Litinin za a koma, hedimasta zai zauna tun da safe,
Daga takwas har azahar ba a barin ofishinsa a rufe,
Wanda ba shi da kuɗin yunifom ya zo, kwamiti ya ce an yafe,
Wadda ta daɗe ba ta zuwa, laifin fashinta ma an shafe,
Kowane uba ya riƙo hannun 'yarsa da kansa ya kawo ta.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka umarci masu unguwanni,
Su zaga gida-gida bayan mako guda, su kawo maka bayani,
Malam liman ya ɗauki maganar a huɗuba, ya ƙara mana sani,
Allah ya shirya mana zuriya, ya wadata mu damina da rani,
Ya sa albarka a kan kowace yarinya da iyayenta.