Amsoshin Tambayoyin da Suka Rage: Karatu, Shari'a da Sarauta Kafin Zuwan Turawa

Ranar Asabar da ta wuce ladan ya kira Magariba alhali takardun tambayoyi suna jibge a gabana, bayan laccar da na yi wa ɗaliban tarihi a nan Bauchi. Na zuba su a aljihu da alkawarin zan amsa a rubuce. Masu kama da juna na haɗe su.

Wata ɗaliba daga Azare ta ce: "Baba Malam, ba jihadin Shehu ne ya kawo karatu ƙasar nan ba?"

'Yata, Shehu ya tarar da karatu, shi ma a cikinsa ya tashi. An haife shi a 1754, alhali sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarshen ƙarni na 11. Wangarawa sun shigo Kano da littattafansu a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Katsina kuma ta yi su Ɗan Marina da Ɗan Masani tun ƙarni na 17. A Borno har takarda Mai, wato sarkinsu, yake ba malami, ana ce mata mahram, wadda ke ɗauke masa haraji da fita yaƙi, shi da zuriyarsa. Abin da jihadin 1804 ya yi shi ne ya ɗauko malami daga kan buzu ya ɗora shi a kan karaga. Malam Yakubu da ya kafa garin nan, Bagere ne da ya yi almajiranci a gaban Shehu. Buba Yero na Gombe ma ɗalibinsa ne. Da karatu suka samu tuta.

Wani malamin firamare daga Kumo ya ce: "Malam, ban da haddar Alƙur'ani, me ake koya a lokacin?"

Ɗan'uwa, allo ƙofa ce kawai. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya yi ta wanke allo har ya sauke, a yi masa zayyana a yanka rago. Mai son hadda ya bi tsangaya, galibi ya nufi gabas, ya tashi daga kolo ya zama gardi, in Allah ya nufa a kira shi alaramma. Mai son ilimi kuwa sai zaure. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har a kai Muhtasar na Shehu Halil, a gefe guda ga nahawu, ga lugga, ga tafsirin Jalalaini, ga lissafin gado. Babu aji, babu ƙararrawa. Ɗalibi ya karanto layi, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, na bayansa yana jiran layinsa. In malam ya gamsu sai ya ba shi ijaza, wadda ke jero sunan wanda ya koyar da wanda, har a dangana da mawallafi.

Ina da gafakar kakana har yau. Risala ce a ciki, warƙa-warƙa ba ɗinki, an rubuta da tawada baƙa, wasulla da ja. Tsakanin layi da layi an bar fili, kuma a filin nan hannu uku daban-daban sun yi ƙananan rubutu, wani da Larabci, wani da ajami. Mutum uku ke nan suka yi karatu da kwafi ɗaya, kowa ya bar wa na baya abin da ya ji daga bakin malaminsa. A babin gado gefen takardar har ya yi baƙi don yawan taɓawa.

Kada a manta da mata. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka da waƙoƙin koyarwa, abin da aka sani da 'Yan Taru.

Wata mai koyon aikin lauya ta ce: "Baba, yaya kotun alƙali take aiki, ko kuwa abin da sarki ya ga dama ne?"

Mazhabar Malikiyya ake bi, kuma littattafan da na lissafa a sama su ne kundin alƙali. Wanda ya karanta Muhtasar a Bauchi zai gane hukuncin alƙalin Timbuktu, don layi ɗaya suka haddace. Ƙa'idar a bayyane take: mai da'awa ya kawo shaidu, wanda ya musa ya rantse. Shaidar ma sai an tabbatar da adalcinsa. Yawancin abin da ke zuwa gaban alƙali ba na yanke hannu ba ne, kamar yadda yaran yanzu ke zato. Aure ne da saki, da bashi, da gado, da rikicin ciniki. Saboda haka ne fatake suka amince su ba da kaya bashi daga Kano zuwa Kukawa, tunda duk inda aka je hukuncin bashin ɗaya ne.

Amma tambayarki tana da ƙamshin gaskiya. Maganar ƙasa, da ta jini, da ƙarar hakimai, galibi a majalisar sarki suke ƙarewa, kuma sarki ne ke naɗa alƙali. A ƙauyuka da duwatsun da ba su musulunta ba, al'adarsu suka ci gaba da bi.

Ta ƙarshe babu suna a kanta, kuma ita ta fi burge ni: "Malam, a daina yi mana ado. Sarakunan sun bi abin da aka rubuta kuwa?"

Wasu sun bi, wasu sun karkace, kuma malaman zamanin ne suka fara faɗin haka, ba ni ba. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa na Kano nasiha a kan wajiban sarki: ya zauna wa talakawa su kawo kuka, ya binciki ma'aikatansa, kada ya taɓa dukiyar da ba ta halatta ba. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya jero laifuffukan sarakunan Haɓe, har da jangali da karɓar gaisuwa. Tsarin da aka kafa bayan jihadi yana da waziri, da alƙali, da ma'aji mai tsaron baitulmali, da zakka da humusi, kuma Sakkwato ce ke tabbatar da naɗin sarki.

Sai dai ba a je ko'ina ba Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga son mulki da tara dukiya sun shigo cikin jama'a. Ransa ya ɓaci ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki. Daga baya jangali ya dawo, sarauta ta koma gado, hare-haren kamun bayi kuma sun cinye ƙauyuka da yawa a kudancin ƙasar nan. Wannan tabo ne, ba na kuma ɓoye shi a aji.

Abin lura shi ne da me ake tuhumar sarki in ya kauce. Da littafin da shi ma ya karanta. Wajen shekarun 1840 Malam Hamza da jama'arsa suka ƙi biyan harajin da suka ce shari'a ba ta san da shi ba, suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano suka hau duwatsun Ningi. Suka haɗa kai da mutanen wurin, Bauchi da Kano suka yi shekaru da dama suna fama da su, har Turawa suka iso Bauchi a 1902 ba a murƙushe Ningi ba.

Akwai sauran takardu uku a kan Bormi da Sarkin Musulmi Attahiru. Waɗannan sai Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, kuma mai tambaya daga Bajoga ya zo da wuri, don shi zan fara sa wa ya faɗi abin da ya ji daga bakin tsofaffinsu.