Neman ƙiyasin kuɗin kula da ɗakunan sanyi da firizoji na shekara guda

Titin Gidan Zu, Kano
12 ga Janairu, 2026

Zuwa ga Injiniya Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, na rubuto ne in nemi ka yi mana ƙiyasin abin da za ka karɓa idan muka damƙa maka kula da kayan sanyin gidan abincinmu na tsawon shekara ɗaya.

Ka riga ka san wurin, tunda kai ka cece mu a watan Afrilun bara. Har yau ina tuna safiyar Asabar ɗin da na buɗe ɗakin daskarewa na tarar da ruwan jini kwance a ƙasa, katan-katan na kaji duk sun saki, kifi ya fara bugawa. Kaji tamanin da cinyar sa biyu muka zubar ranar, ga oda ta ɗaurin aure a hannunmu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ka sa buroshi ka share kwandensar da ke bayan kicin, ka nuna mini ƙura da maiƙo sun haɗu sun zama kamar bargo, ka ce wannan ce ta shaƙe kwamfireso har ya ƙone. Aikin rabin awa ne da an yi shi a kan lokaci. Tun daga ranar na ƙudurta cewa na daina jira sai abu ya mutu sannan in hau kiran waya.

Ga abin da muke da shi. Ɗakunan sanyi biyu ne. Na farko na kayan miya, ganye, madara da lemo, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 4. Na biyu na nama da kifi, a digiri 18 ƙasa da sifili, shi ne ka sa wa sabon kwamfireso. Dukansu gas ɗin R404A suke sha, kuma a kan layi mai fes uku suke. Sai firizoji na kwance guda biyar, da firij mai ƙofar gilashi guda biyu a gaban kanta. Idan an ɗauke wuta muna komawa janareto, wani lokacin sau huɗu ko biyar a yini, kuma na san wannan sauye-sauyen yana wahalar da injinan.

Ina so ka riƙa zuwa duk wata biyu, amma daga Disamba zuwa Mayu a mayar da shi duk wata, saboda ƙurar hunturu da zafin bazara da ke biyo bayanta. Kowane zuwa a wanke kwandensa, a auna gas a duba ko yana yoyo, a duba fanka da kafasita da kwantakta da wayoyi, a buɗe bututun fitar ruwa, a gwada hitar da ke narkar da ƙanƙara. Robar ƙofar ɗakin nama ta riga ta tsage ta ƙasa, ƙanƙara tana taruwa a bakin ƙofar har yara suna sa wuƙa suna kankarewa, abin da na hana amma ban yi imani sun daina ba. A duba kuma mabuɗin ciki na kowane ɗaki, domin ba na ƙaunar ranar da ƙofa za ta rufe da ɗan mutane a ciki.

Don Allah takardar ta zo a rarrabe: kuɗin aiki daban, kuɗin gas a kan kowane kilo daban, kayan gyara daban, tare da bayanin sabo ne ko na hannu da kuma garantin da ke kansa. Ka faɗa mini awa nawa zai ɗauke ka ka iso idan aka samu matsala da dare ko ranar Juma'a, da ko wannan kiran yana cikin kuɗin shekara. A wurina wannan ya fi komai, domin nama ba ya jira. Zan fi son biya kashi huɗu, da kafin alƙalami idan mun sa hannu.

Azumi ya kusa, kuma lokacin ne muke cika ɗakunan maƙil saboda odar buɗa-baki. Idan da hali ka leƙo a wannan makon tsakanin ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe, kafin kicin ya ɗau zafi, ka ga komai da idonka, takardar kuma ta iso ni kafin ƙarshen Janairu.

Na gode. Allah Ya ƙara wa sana'a albarka.

Wassalam,
Hajiya Rabi
Mai gidan abinci